Ƙwan lantarki mai launi uku: wata biyu ina fama da shi

Ƙarfe biyu da wani abu na dare yarinya ta farka da kuka, na lalubi makunni na danna. Wani farin haske mai ratsin shuɗi ya watso mana daga silin, kai ka ce ɗakin tiyata aka shigo da mu. Yarinyar da a da in na ɗan jijjiga ta take komawa, ta buɗe ido tar. Maigida ya ja bargo ya rufe fuska yana cewa, "Don Allah kashe mana wannan abin." Na kashe na sake kunnawa, ya koma fari tas. Na sake kashewa na kunna, sai a karo na uku ruwan ɗorawar da nake nema ya fito. Kafin nan barci ya riga ya gudu daga idon mu uku, ba mu sake runtsawa ba sai wajen ƙarfe huɗu.

Ƙwan da nake magana a kai shi ne LED ɗin nan mai launi uku, wat 9, wanda ake sauya masa launi da makunnin bango. A jikin kwalinsa an rubuta 806 lm, wato lumen 806, ma'aunin yawan haske, sannan 3000K, 4000K da 6500K. Guda shida na saya: uku a falo, ɗaya a kicin, ɗaya a ɗakin kwana, ɗaya na ajiye. Dalilina shi ne na gaji da tsayawa gaban masu sayarwa ina ruwan ido tsakanin fari da ruwan ɗorawa. Na ce ga wanda ya haɗa duka, an huta.

Gaskiya makon farko na ji daɗinsa, kuma shi ya koya mini abin da lambar K ɗin take nufi, don ido ya gani. K ɗin kelbin ce, launin hasken take faɗa. A 3000 hasken ja-ja ne mai taushi, kusa da na tsohon ƙwan nan mai zare, wanda nasa yake wajen 2700. A 4000 fari ne sak, ba ja ba shuɗi. A 6500 kuwa irin hasken tsakar rana ne in sama ta yi lumshi, yana ɗan karkata zuwa shuɗi. Wato duk yadda lambar ta hau, haka shuɗin yake ƙaruwa. Falonmu mita 4 ne da mita 5, ƙwai uku sun ba da lumen 2418, in ka raba da murabba'in mita 20 kowace mita ta sami wajen 120. Don zaman hira wannan ya isa. Da na sa su a 3000 labule da kujeru suka yi kyau, fuskar mutum ma ta daina yin fari fat kamar mai jinya. Har ƙawata na yi wa tallarsa, Allah ya sa ba ta saya ba tukuna.

Matsalar ita ce nawa ba ya tuna inda aka bar shi. In ka kashe ya ɗan jima, da ka kunna 6500 yake komawa, ko da kuwa a 3000 ka bar shi. An ce mini akwai masu riƙe launin ƙarshe, to ni dai ba irinsu aka ba ni ba, kuma babu inda kwalin ya faɗi haka. A falo wannan ɗan haushi ne kawai. A ɗakin kwana kuwa cuta ce, domin hasken da shuɗi ya yi masa yawa yana danne sinadarin melatonin da jiki ke fitarwa da daddare don barci ya zo. Ga shi lumen 806 daidai yake da tsohon ƙwai mai wat 60, kuma a tsakiyar silin yake, saitin idon wanda ke kwance rigingine. Launi bai yi ba, yawa bai yi ba, wurin da aka maƙala shi ma bai yi ba, kodayake wannan na ƙarshe ba laifin ƙwan ba ne.

Kicin ne ya kunyata ni, don a nan laifin nawa ne. Na ɗauka in na bar shi a 6500 wurin zai fi haske. Ido yana ganin kamar ya fi, saboda farin yana da kaifi, amma in na tsaya yanka wani abu a kan kanta sai in ga hannuna cikin duhu. Ranar da wuƙa ta ɗan taɓa mini yatsa na kira ƙanena, wanda aikin wayarin yake yi. Ya zo ya tsaya a inda nake tsayawa, ya ɗaga kai ya dubi ƙwan, ya yi dariya.

"Yaya, ai launi kika sauya, hasken yana nan yadda yake. Lumen ce yawan haske, kelbin kala ce kawai."

Ya auna kicin ɗin da taku, mita 3 da mita 3, murabba'in mita 9. Ya ce wurin aiki irin wannan ana son kowace murabba'in mita ta sami lumen 300 ko fiye, wato aƙalla 2700 gaba ɗaya. Nawa 806 ne, in an raba bai wuce 90 ba, kuma a cikin wannan ma bango da kabad suna shanye wani kaso kafin ya iso kanta. Sannan ƙwan yana bayana, inuwar kaina da kafaɗuna ce take faɗawa daidai kan katakon yanka. Ko ƙwai mai lumen 1500 na sa a wannan gurbin, inuwar tana nan. Abin da ya yi shi ne ya sa doguwar fitila mai 4000K a silin, lumen dubu biyu da ɗoriya, ya kuma liƙa siririyar fitila a ƙarƙashin kabad ɗin sama, ita ma 4000K, don hasken ya sauko ta gabana. Ya ce in riƙa duba lambar Ra a kwali: 80 ba laifi, 90 ta fi nuna launin abu yadda yake. Na koma na duba kwalin nawa, ko alamarta babu.

A nan na so in yafe wa ƙwan, in ce ni ce ban iya zaɓe ba, a bar shi a falo ya ci gaba da aikinsa. Sai ga wani sabon salo. Yara suna wasa da makunni, kashe-kunna da sauri, sai ƙwai ukun suka rabu: ɗaya ja, ɗaya fari, ɗaya shuɗi. Kowanne da nasa lissafin a ciki, in ɗaya ya tsallake dannawa guda shi ke nan, sun saɓa. Ranar muna da baƙi, falo ya koma kamar wurin gwajin fenti. Dole aka kashe muka zauna a duhu na ɗan lokaci kafin su daidaita, su dawo tare, a ina? A 6500 mana. Ko wuta ce ta ɗan ƙifta haka suke yi.

Yanzu na cire na ɗakin kwana. Na sa ƙwai mai launi ɗaya, 2700K, lumen 470, a fitilar gefen gado mai rufi, daidai da tsohon wat 40. Ya ishe ni canza wa yarinya kaya da dare, kuma ba ta wartsakewa. Na silin na mayar da shi 2700K mai lumen 806, sai za a gyara ɗaki ake kunna shi. Falo kuma ina jira ne in sayo 3000K guda uku daga kwali ɗaya, don launinsu ya zo daidai.

Tauraro biyu na ba shi cikin biyar, na biyun ma don bai mutu ba kuma ba ya yin ƙara. Na kicin da na ɗakin kwana da wanda na ajiye suna cikin durowa. Ɗaya zai tafi sito, inda farin nasa ba ya damun kowa.