Kam biyu, ɗagawa ɗaya: duba jadawali kafin ka biya

A ce za ka sayi kam na injin cika leda, wato ƙarfe mai tudu da ke juyawa yana ɗaga sanda, mai kaya ya ajiye maka guda biyu. Kowanne yana ɗaga mabiyinsa, wato sandar da ke hawa bisa bayan kam ɗin, milimita 20 cikin juyin digiri 120. Da ido kamar tagwaye suke, amma ɗaya an yanka shi a tsarin hamonik, ɗayan a tsarin saikuloid, wato salo biyu na yadda mabiyi ke hawa. Jadawalin da ke tare da su ne zai raba gardama: layin hagu kusurwar da kam ya juya, na dama tsayin da mabiyi ya hau daga inda yake hutawa.

Mu ce injinka yana buƙatar sanin tsayin a digiri 35, jadawalin kuwa goma-goma yake tafiya. A na hamonik, digiri 30 ya ba da milimita 2.93, digiri 40 ya ba da 5.00. Da yake 35 tsakiya take, sai ka haɗa su ka raba biyu, ka samu kusan 3.97. Ainihin lissafi 3.91 ne, domin hanyar mabiyi lanƙwasa take yi, ba miƙewa ba:

```
s = (h/2)(1 − cos(180° × θ/β))
```

A nan s shi ne tsayin da mabiyi ya hau, θ kusurwar da kam ya juya, h cikakken hawa wato 20, β kuma cikakken juyin hawan wato 120. A na saikuloid, digiri 30 ya ba da 1.82, digiri 40 ya ba da 3.91, tsakiyarsu 2.87, ainihin kuwa 2.76. Ka ga a kusurwa ɗaya tazarar kam ɗin biyu ta haura milimita guda, alhali a digiri 60 dukansu suna kan 10 daidai. Wanda ya duba tsakiyar hawan kaɗai zai rantse kaya ɗaya ne. In kuskuren 0.1 ya yi maka yawa, nemi jadawali mai digiri ɗai-ɗai.

Ni layukan farko nake fara dubawa. A digiri 10, hamonik ya riga ya hau 0.34, saikuloid kuwa bai kai 0.08 ba. Tashin nan a hankali shi ya sa saikuloid ya dace da inji mai gudu, ba ya fizgar mabiyi daga hutu, ƙara da girgiza suna raguwa. Sai dai yana rama lokacin a tsakiya, inda hawansa ya fi tsini, don haka yakan so kam mai faɗi. In injin a hankali yake juyawa kuma wuri ya matse, hamonik ya wadatar.

Tambayi mai kaya da wane mabiyi aka yi jadawalin, domin in ka sauya girman rola, wato ƙaramar tayar da ke bakin mabiyi, lambobin sun tashi daga aiki. In kuma kam na mota ne, ka tabbatar ko digirin na kam ne ko na karanshaf, tunda karanshaf yana juyi biyu kafin kam ya yi ɗaya.