Ciwon maƙogwaro: na mura ne ko sitirep, kuma yaushe ake gogen wuya?

"Dan Allah 'yan uwa, yarona ɗan shekara 8 kwana biyu ke nan maƙogwaronsa na ciwo, ga zazzaɓi amma ba ya tari. Maƙociyata ta ce mura ce in siyo ampikulos, wata kuma ta ce in kai shi a goge wuyan a lab. Wanne zan yi?"

Maman yaro ki kai shi a goge, kar ki siyi komai tukun. Wannan rashin tarin da kika faɗa shi ya sa na ce haka.

Ciwon wuya na bairos, wato na mura, ba wani abin faɗa a kansa, shi ne mafi yawa musamman da hunturu, yana zuwa da majina, tari, atishawa, dishewar murya, wani lokacin jan ido, ya yi kwana biyar zuwa sati ya tafi da kansa. Farasitamol, ruwan ɗumi da zuma ya isa, antibayotik ba ya masa komai sai ɓarnar kuɗi da gudawa.

Sitirep kuwa bakteriya ce kuma ba ta sallama, yaro yana wasansa da safe zuwa yamma ya kasa haɗiyar yawu. Abu huɗu likitoci ke dubawa: zazzaɓi sama da digiri 38, rashin tari, kaluluwa a gaban wuya ƙasan muƙamuƙi mai zafi in an taɓa, sai tansil, wato tsokar nan biyu da ke gefe da gefen maƙogwaro ta ciki, ya kumbura da farin abu kamar mugunya. Ki haska da tocin waya ki sa shi ya ce aaa za ki gani. In ɗaya kawai aka samu ko babu, gwajin bai da amfani. Uku ko huɗu kuwa a goge, biyu ma a ɗan shekara 5 zuwa 15 ni dai zan kai, dan su ta fi kamawa, cikin yara goma masu ciwon wuya biyu ko uku ita ce. 'Yan ƙasa da shekara 3 da wuya su yi ta. Mai majina da tari kuma kar a wahal da shi, akwai yaran da ƙwayar ke zaune a wuyansu lafiya lau, sai gwaji ya nuna ta alhali mura ce ke damunsu, a ɗura musu magani a banza.

'Yata ma ta yi sitirep ɗin tana aji uku, har da ciwon ciki da amai, jikinta ya feso da ƙananan ƙuraje masu kaushi kamar sanfefa. Wata nas mai kirki ta danne harshen, ta goga auduga mai dogon tsinke a tansil biyun da bayan maƙogwaro, yarinya ta yi yunƙurin amai sau ɗaya shi ke nan an gama. Wallahi ranar da sakamako ya fito hankalina ya kwanta, dan na san abin da muke yi wa magani. Gwajin iri biyu ne, na gaggawa minti 15 ya fito amma ba ko'ina ake da shi ba, sai na shuka ƙwayar a lab mai ɗaukar kwana ɗaya zuwa biyu. In na gaggawa ya ce babu a yaro ana bin sa da na shukar, dan yakan kuskure. Kuma in kin riga kin ba shi ampikulos ƙwayar na iya ƙin fitowa, ki biya kuɗi ki dawo ba amsa.

Kar jiran kwana biyun ya dame ki. Abin da ake gudu zazzaɓin nan ne da ke biyo baya bayan sati biyu ko uku, gaɓoɓi su kumbura ya je ya lalata ƙofofin zuciya har girma, kuma in an fara magani cikin kwana 9 da fara ciwon ana kare shi. Maganin ma ba mai tsada ba ne, amoksisilin ko fenisilin na kwana 10 cif, ko allurar benzatin guda ɗaya. Tawa kwana biyu ta warware tana neman tuwo, amma sai da muka cika goman, dan a nan iyaye da yawa ke tsayawa. Bayan kwana ɗaya da fara sha, in zazzaɓin ya sauka zai iya komawa makaranta.

Ki yi hattara da wasu masu kemis da masu tallan magani a faranti, sai su yanko miki kafso huɗu ko shida su ce ya isa, wani ma jabu ne ko ya sha rana. Ki siya a famasi da takardar likita, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Kuma kar wani ya ce beli ne a kira wanzami, yanke shi ba ya kashe ƙwayar sai zubar jini.

In kuwa kika ga wuyan ya kumbura sosai ta waje, ko wata fata mai ruwan toka ta manne a ciki, yana dalalar da yawu, ya kasa buɗe baki ko numfashi na masa wuya, kar ki tsaya neman lab, asibiti kai tsaye ko da dare ne. Mashaƙon da ya addabi Kano a 2023 da ciwon wuya yake farawa, ki faɗa musu ko ya kammala rigakafinsa.