Kafin ka zaɓi hanyar rubuta é, ü da ñ a kwamfuta, fara duba sunayen da kake bugawa

Abu na farko dai, kada wani ya sa ka kashe kuɗi ka sayi sabon kibod don kana son rubuta Mbappé ko Müller daidai. Harafin da ke fitowa a allo ba rubutun da ke jikin maɓalli ne ke yanke shi ba, tsarin da aka saita a cikin kwamfutar ne, kuma canza shi kyauta ne. In ma sayen za ka yi to abu biyu kawai za ka duba, akwai Alt na hannun dama ko babu, sannan akwai rukunin lambobin nan na gefe ko babu, don ƙananan laftof da yawa ba su da shi.

Tsarin kibod da aka fi ba mutane shawara a Windows shi ne United States-International. Ana ƙara shi a Settings, ka shiga Time & language, sai Language & region, ka buɗe Language options na harshen da kake da shi ka danna Add a keyboard. Bayan nan Win+Space ne ke juya ka tsakaninsa da tsohon tsarinka. Yadda yake aiki shi ne alamomi biyar suna zama matattun maɓallai, wato ' da " da ` da ~ da ^, in ka danna ɗaya daga ciki ba abin da zai fito, kwamfutar na jira ta ga harafin da zai biyo baya. Ka danna ' sannan e ka samu é, ka danna " sannan u ka samu ü, ~ da n su ba ka ñ, ^ da o su ba ka ô. Ga kuma Alt na dama da ke fito da wasu kai tsaye, shi da s ya ba ka ß, da l ya ba ka ø, da w ya ba ka å, da 5 kuma €. Gaskiya ga mai rubuta sunayen Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci da Fotugis wannan ya wadatar, kuma hannu na sabawa da wuri saboda alamar da kake dannawa ta yi kama da wadda za ta hau kan harafin.

Amma fa yana da tsada ta wani wajen, kuma ba a cika gaya wa mutane ba sai sun shiga. Ka zo buɗe zance ka danna " sannan A, maimakon "A sai ka ga Ä ta fito. Maganinsa shi ne ka danna sifes bayan alamar, sai ta fito ita kaɗai, amma ka tuna duk wanda aikinsa rubuta kod ne ko yawan kawo maganar mutane cikin alamar zance, wannan ƙarin dannawar zai yi ta yi daga safe har dare, kuma duk sanda ya manta sai ya koma gyara. Inda ya fi ciwo shi ne faswad, tunda ba ka ganin abin da kake bugawa: in faswad ɗinka na da ' kafin e to é ce ke shiga, sai a yi ta ce maka ba daidai ba alhali kai ka san daidai ka buga. Duk wanda faswad ya fara ƙi masa bayan ya taɓa saitin kibod, ya fara duba wane tsari ne ke kunne kafin ya ce an yi masa kutse.

Yanzu mu gwada da sunaye huɗu, don a nan ne zaɓin yake rabuwa: Mbappé, Ødegaard, Modrić, Gündoğan. Na farko ba matsala. Na biyu ma haka, Alt na dama da Shift da l. Na uku shi ne tarkon, ka danna ' sannan c kana zaton ć za ta fito, a Windows kuwa ç ce ke fitowa, mai wutsiya a ƙasa, sai ka rubuta Modriç, wanda ba sunan mutumin ba ne, kuma a ƙaramin rubutu ido ba ya saurin kamawa. Na huɗu ü ta samu amma ğ babu ita sam a tsarin. Haka ł na Wałęsa da ř na Dvořák, duk babu. To ka ga kenan wannan tsarin na harsunan yammacin Turai ne, da ka shiga sunayen Poland ko Czech ko Croatia ko Turkiyya ya tsaya.

Nan ne maɓallin Compose ya fi shi, kuma ni shi nake ba mai rubuta sunaye daga ko'ina shawara. A Linux yana nan tun asali sai dai ka kunna, a Windows kuma akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna WinCompose. Maɓalli ɗaya za ka sadaukar, ka danna shi ka saki, sannan ka buga alamomi biyu: ' da c su ba ka ć, waƙafi da c su ba ka ç, b da g su ba ka ğ, / da l su ba ka ł, c da r su ba ka ř. Dannawa uku ce maimakon biyu, amma alamar zance da faswad ɗinka ba abin da ya taɓa su, don ba maɓallin da ke mutuwa sai ka kira shi. Cikas ɗinsa a Windows shi ne sai ka girka manhaja, kuma kwamfutar ofis da yawa an kulle ta ba a yarda da hakan.

Masu Linux suna da wata tsaka-tsakiyar hanya ma, tsarin da matattun maɓallan ba sa aiki sai ka haɗa da Alt na dama. A X11, wato ɗaya daga cikin manhajojin da ke kula da allo da kibod a Linux, ga umarnin da ake bugawa a kunna shi tare da mai da Caps Lock ya zama Compose:

```
setxkbmap -layout us -variant altgr-intl -option compose:caps
```

Mai Mac kam kusan an gama masa aiki. Option+e sannan e ya ba shi é, Option+u sannan u ya ba shi ü, ko ya danne harafin ya riƙe har ɗan akwatin zaɓi ya fito. In yana buƙatar irin su ř sai ya ƙara tsarin ABC – Extended, inda Option+v sannan r ke fito da ita.

Lambobin Alt kuwa, irin Alt+0233 na é da Alt+0241 na ñ, ban ga dalilin da mutum zai dogara da su ba sai in harafi ɗaya ko biyu yake buƙata jefi-jefi. Suna son rukunin lambobin gefe kuma sai ka haddace. A cikin Word dai akwai dabarar buga 0142 ka danna Alt+X ta koma ł, tana ceto in an matsu.

To wanne za ka ɗauka? In a Windows kake kuma sunayenka ba su wuce na yammacin Turai ba, sa United States-International amma kada ka cire tsohon tsarinka, ka bar su biyu kana juyawa da Win+Space, musamman lokacin buga faswad. In kana rubuta kod, ko sunayen da ke zuwa hannunka sun haɗa da na gabashin Turai da Turkiyya, je ka Compose kai tsaye. Kafin ka tsaya a kan kowanne, ɗauko sunaye goma daga ainihin aikinka ka buga su da shi, ka ƙara girman rubutun ka duba ko alamar da ta kamata ta hau sama ba ta sauko ƙasa ba.