Sharhi kan kwas ɗin Italiyanci na masu fassara: makonni shida da del da nella

Na yi rajistar wannan kwas ne bayan wata takarda da na fassara daga Turanci zuwa Italiyanci ta dawo mini da jan biro ko'ina. Shekara huɗu ke nan ina zaune a Italiya, ina ji ina mayarwa a kasuwa da asibiti, amma rubutu na tona asirin mutum. Kwas ɗin ta intanet ake yi, makonni shida, malama ɗaya 'yar ƙasar, mu takwas, kuma kusan dukkanmu da Turanci muke aiki.

Makon farko ya tafi a kan jadawali. Ƙananan kalmomi biyar, wato di, a, da, in, su, idan suka haɗu da kalmar da ke fayyace suna (il, lo, l', la, i, gli, le) dole su narke su zama kalma guda. Di da il su ba da del, in da la su ba da nella, a da gli su ba da agli. Biyar sau bakwai, siffa 35. Per da tra ba sa narkewa. Wannan hadda ce kawai, kuma atisayen cike gurbi da aka jibga mana a kai ya yi yawa. Da kwana biyu ya isa. Abin da na ƙaru da shi a nan shi ne lura da sautin farkon kalmar da ke biye: dello studente, nello zaino, domin s mai baƙi a bayanta da z suna neman lo.

Inda kuɗina ya biya ni shi ne mako na uku, da malamar ta karɓi fassarar kowa ta gyara a gabanmu. Ta nuna mana cewa mai tunani da Turanci ba kasafai yake kuskuren haɗawa ba. Matsalarsa ita ce bai ma san ana bukatar kalmar fayyacewar a wurin ba, saboda Turanci yana barin sunaye irin su lafiya, rayuwa da shekaru tsirara. Tawa takardar wasiƙar wani ma'aikacin jinya ce, na rubuta:

Ha lavorato al Ministero di Salute da 2015 a 2019, in ufficio di suo direttore.

Ta mayar da ita haka:

Ha lavorato al Ministero della Salute dal 2015 al 2019, nell'ufficio del suo direttore.

Gyara biyar a layi ɗaya. Lafiya a nan la salute ce, don haka della. Shekara kuma tana ɗaukar il, shi ya sa ake cewa nel 2019, dal 2015. Na ofis ɗin ne ya fi tsaya mini a rai. In ufficio daidai ne idan kana nufin mutum yana wurin aiki kawai, amma da zarar ka faɗi ofishin wane ne, sai ya koma nell'ufficio. Haka in Italia yake zama nell'Italia del Sud. Shi kuwa del suo direttore, kalmar mallaka tana tafiya da il a gabanta, sai fa dangi tilo: di mio padre, amma dei miei fratelli.

Akwai wani kuskure da na gano nawa ne ni kaɗai a ajin, kuma daga Hausa ya fito. Mu muna cewa motar malam, gidan malama. Harafin ƙarshe yana bin jinsin abin da aka mallaka. Italiyanci kuwa mai abin yake bi: la macchina del maestro. Sau da yawa hannuna kan rubuta della don kawai macchina mace ce. Da na faɗa wa malamar, ta ce in riƙa rufe kalmar baya da yatsa, in dubi ta gaba kaɗai. Har yau haka nake yi.

Ƙorafina ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba. Bambancin del da dal minti goma kawai aka ba shi, alhali shi ne ke canza ma'ana. Lettera del medico wasiƙar likita ce. Vado dal medico kuma za ni wurin likita. Firmata dal medico, likitan ne ya sa hannu. Harafi guda ne tsakaninsu, kuma mai duba rubutu na kwamfuta ba zai ja layi a ƙarƙashin ko ɗaya ba, tunda duka kalmomi ne na gaskiya. Mai fassara takardun asibiti ko na kotu yana bukatar mako guda cur a kan wannan.

Wanda bai fara Italiyanci ba, kwas ɗin zai yi masa nauyi. Wanda yake fassara kuma ana maido masa da aikinsa, ya shiga, amma ya tafi da tsofaffin takardunsa, domin malamar tana gyara abin da ka kawo ne kawai.