Zuwa ga Yaya a Agege, kan maganar hannun Auta

Assalamu alaikum Yaya, ya gida ya iyali, ya jikin Inna, ya kuma mai jiki. Allah Ya ba shi lafiya Ya sa kaffara ne. Na saurari saƙon muryarka har sau uku jiya bayan na taso aiki, wallahi ban iya barci ba, a ce injin kamfani ya yanke yatsu biyu na hannun dama ga yaro mai shekara 24 da bai ko yi aure ba. Na rubuto ne a fili don na san akwai irinsa da yawa a cikin yaranmu masu aikin kamfani a Ikeja da Ogba da masu dako a Apapa, kowa ya karanta.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne da ka ce manaja ya kai shi asibiti ya biya kuɗin ɗinki, ya ba shi dubu hamsin ya ce ya je ya huta, kuma wai in ya warke zai sa hannu a wata takarda. Dan Allah Yaya kar ya sa hannu a komai tukuna. Kuma ka ƙirga kwanaki, ka ce ran Talatar waccan injin ya kama shi, yau kwana tara kenan, saura biyar. Zan zo kan dalilin ƙirgar amma bari in fara da abin da ya faru da ni a nan Ingila, ta nan na gane yadda abin yake tafiya.

Ka tuna 2024 da na ce maka na karye a wuyan hannu ban yi maka bayani sosai ba. A siton da nake aiki ne, mai ya zube daga motar ɗaga kaya tun safe ba a goge ba, ni kuma na taho da kwali a hannu sai santsi ya kwashe ni, na dafa ƙasa da hannun hagu sai ji na yi ƙas. Kafin motar asibiti ma, sufabaiza ya zo da wani littafi, littafin haɗari suke ce masa, ya rubuta sunana da ƙarfe nawa da daidai layin da na faɗi da abin da ya jawo da sunan mutum biyu da suka gani, sannan ya ɗauki hoton man a ƙasa da wayarsa. A lokacin raina ya ɓaci, ina ta zufa don zafi mutum yana tambayata harafin sunan babana. Ashe wannan shafin shi ne ya tsaya min daga baya da kamfanin inshora suka fara cewa ai ba su da tabbacin akwai mai a wurin.

Dokarsu ta kai rahoto ana kiranta RIDDOR, ta 2013. Karaya in ba ta yatsa ba ce, ko yankewar gaɓa irin ta Auta, dole mai kamfani ya sanar da hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata wato HSE ba tare da ɓata lokaci ba, rubutaccen rahoto ya shiga cikin kwana 10. Nauyin mai kamfani ne wannan, ni ban cike komai ba. Asibiti kuma ban biya ko kwabo ba, hoto da filasta da gashin hannu duk a NHS aka yi, wato hukumar asibitocin gwamnati ta nan, amma ba wai kamfanin sun tsira ba ne, da aka zo biyana diyya sai da inshorarsu ta mayar wa NHS kuɗin jinyar. Kuma kowane mai ɗaukar ma'aikata dole ya yanki inshorar aƙalla fam miliyan 5, in ba shi da ita ana iya cin sa tarar fam 2,500 a kowace rana, shi ya sa ba ka cika ganin mai wasa da ita ba.

Sai dai kar ka ɗauka komai zuma ne. Sati bakwai na yi a gida, abin da doka ta tilasta musu su ba ni a lokacin fam 116.75 ne a sati, kwana ukun farko ma babu, kuɗin hayar ɗakina kawai ya kusa cinye shi, sai da 'yan'uwa na masallaci suka tallafa min. Diyya kuma a nan ba a ba ka ita don kawai ka ji ciwo a bakin aiki, sai ka nuna sakacin kamfani ne. Lauya ya bi min, an yi wata goma sha huɗu ana rubuce-rubuce, aka tsaya a fam 12,000, suka ce ni ma ina da kashi 20 na laifi tunda kwalin ya tare min gani, aka cire 2,400 ya rage 9,600, lauya kuma ya ɗauki nasa kason a ciki.

To a nan ne na sha mamaki, da na zauna na karanta tamu dokar ta Najeriya saboda maganar Auta. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke riƙe da asusunta, a rubuce ta fi ta nan sauƙi ga talaka ta wani ɓangaren. Ba ta ce sai ka nuna laifin kamfani ba, in dai a bakin aiki abin ya same ka shikenan ka cancanta. Har haɗarin hanya tsakanin gida da wurin aiki ta haɗa, in kamfani sun san inda kake zaune, a nan kuwa in mota ta buge ka a hanyar zuwa aiki ba ruwan kamfani. Kuma ba ma'aikacin dindindin kaɗai take nufi ba, ɗan wucin-gadi da mai koyon aiki duk suna ciki, saboda haka in manaja ya ce ai Auta kashuwal ne ba shi da haƙƙi, maganar ba ta da tushe a doka.

Yadda aka tsara, kamfani ne zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansa a asusun duk wata. Kamfani mai mutum 50 kowa yana ɗaukar dubu ɗari, albashi miliyan 5 kenan, abin da zai zuba dubu 50 ne kacal a wata, kuma haramun ne ya cire daga albashin ma'aikaci. Daga wannan asusun ake biyan jinya da diyya, har kuɗin asibitin da kamfani ya kashe yana iya neman a mayar masa in ya kai rasit. Kaga kenan kamfanin da ke zubi ba shi da dalilin ɓoye haɗari, riba ma yake ci in ya kai rahoto. In ka ga ana ta lallaɓa yaro da dubu hamsin ana cewa kar a ja magana, ni zargina shi ne ko ba su yi rajista ba ko sun daina zubi, ko sunan yaron ba ya cikin jerin da suka miƙa.

Yanzu ga maganar kwanaki. Doka ta ba wanda ya ji ciwo kwana 14 ya sanar da kamfani, ko shi ko wani nasa, a faɗi sunansa da lokaci da wurin da abin ya faru da irin ciwon da abin da ya jawo shi. Na san za ka ce ai sun sani tunda su suka kai shi asibiti, haka ne, amma sanin baki ba shi da shaida, gobe manajan nan yana iya barin aiki ko ya ce a gida ya yanke. Rashin sanarwa yana iya hana diyya gaba ɗaya sai in hukuma ta gamsu da uzurinka, me zai sa mu jefa kanmu a neman uzuri. Ka samu wani ya rubuta da Turanci mai sauƙi, shafi ɗaya ya isa, kwafi biyu, ka kai ofishinsu su buga hatimi da kwanan wata a naka ka dawo da shi gida. In sun ƙi karɓa a tura ta waya zuwa lambar manaja da imel ɗin kamfani a ajiye hoton.

Su kuma nasu wa'adin kwana 7 ne su kai rahoto NSITF, in sun ƙi laifi ne a doka. Tunda an wuce bakwai, ka tambaye su kai tsaye cikin mutunci, kun kai rahoton, a nuna mana kwafi, kuma menene lambar rajistarku da hukumar. Amsar wannan tambayar kaɗai za ta nuna maka inda aka dosa. In suka fara kame-kame, kai da Auta ku je ofishin NSITF da kanku, suna da rassa a Legas. Takardar neman diyya ana shigar da ita cikin shekara ɗaya, kar a ce sai ya gama warkewa. Sannan in ta hannun ɗan kwangila aka ɗauke shi, a gano sunan wa ke kan takardar albashinsa, don a nan ake yawan tura wa juna nauyi, kamfani ya ce na ɗan kwangila ne, ɗan kwangila ya ce ai a injinku ya ji ciwo.

Ka kwatanta dubu hamsin ɗin da abin da doka ta tanada. Wanda ya nakasa gaba ɗaya ba zai ƙara aiki ba, kashi 90 na albashinsa ake biyansa duk wata. Irin na Auta nakasa ce ta wani sashe, ana duba abin da ya rasa na samu a biya kashi 90 na wannan. Misali in yana ɗaukar dubu ɗari, yanzu kuma aikin da hannun zai iya bai wuce na dubu sittin ba, asarar dubu arba'in ce, kashi 90 ɗinta dubu 36 a wata. Likitoci ne za su auna nakasar ba ni ba, lissafin nan don ka ga girman abin ne kawai, wata biyu ya riga ya wuce abin da manaja ya ba shi. Takardar da suke so ya sa wa hannu kuwa, doka ta ce ma'aikaci ba zai iya yarjejeniyar yafe haƙƙinsa na diyya ba, amma duk da haka kar ya sa, don za ta zama abin ja-in-ja da zai ci mana watanni.

Akwai kuma hanyar kotu, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana nan Ikoyi, musamman in gaskiya ne abin da abokan aikinsa suka ce cewa murfin injin a cire yake tun tuni. Sai dai ba a haɗa biyun yadda aka ga dama, zaɓi ake yi tsakanin karɓar diyyar asusu da kai ƙara, wannan kam a zauna da lauya kafin a yanke, zan turo kuɗin ganinsa ranar Juma'a in sha Allahu.

Kafin nan dan Allah a tara duk rasit har na kemis da na keke zuwa wankin ciwo, a roƙi likita rahoto a rubuce mai ɗauke da ranar da aka kawo shi da cewa inji ne, a ɗauki hoton hannun duk lokacin da aka buɗe bandeji, a karɓi lambar yaran nan biyu da ke kusa da shi tun kafin a canza musu wurin aiki. Katinsa na aiki da alat ɗin albashinsa na watannin baya kar ya goge. Wasiƙar sanar da kamfanin nan dai ita ce kan gaba, gobe da safe in zai yiwu, ka turo min hotonta da hatimin in an buga. A gaida Inna, a ce mata zan kira bayan isha'i.