Sharhi na a kan allurar barbarar shanu da aka yi min a Gombe, da maganar lokacin da ya kamata a kira likita

Masu tambayata ko allurar barbara tana aiki, eh tana aiki, na gwada a 'yan shanuna da ke hanyar Kwami kuma na ga ciki da idona. Amma gaskiya mutane su daina ɗauka cewa da ka biya kuɗi likita ya zo ya zura hannu shikenan an gama. Rabin aikin ma ba a hannun likitan yake ba, yana hannun wanda yake kwana da shanun, don in ba a gane lokacin da saniya take neman bijimi ba to ko maniyyin wane irin sa aka kawo asara ce kawai.

Wanda ya yi min aikin malamin dabbobi ne mai zaman kansa, maniyyin Friesian, shanun Turawan nan masu yawan nono, ya kawo a cikin tukunyar nan ta ƙarfe mai sanyi da take hayaƙi in an buɗe. Abin da ya fara burge ni da shi, kafin ya karɓi ko sisi sai da ya zaunar da ni da yaron da ke min kiwo ya ce mu gaya masa yadda muke gane saniya ta zo nema. Yaron ya lissafo nasa, tana yawan kuka, ba ta zama wuri ɗaya, ta rage ci, nono ya ragu, tana hawa 'yan uwanta. Likitan ya ce duk gaskiya ne amma ba ɗaya a ciki da zai sa ya fasa maniyyi a kai. Alamar da ake dogaro da ita guda ɗaya ce, wata saniyar ta hau ta ita kuma ta tsaya cak ba ta gudu ba. Wadda take hawan ƙila tana dab da zuwa ne, ƙila ma ba komai, wadda aka hau ta tsaya ita ce a cikin nema.

Sauran alamun taimako suke yi, kuma ni a cikinsu wadda na fi yarda da ita ruwan nan ne mai yauƙi, garau kamar farin ƙwai, yana saukowa daga gabanta har ya manne a wutsiya ko cinya. In ka duba gaban za ka ga ya ɗan kumbura, cikinsa ya yi ja yana sheƙi. Sannan ka shafa gindin wutsiya, in gashin wurin ya tashi ko ya goge, ko da damina ka ga taɓo a kwiɓinta inda kofato ya goga, to an hau ta da dare kana barci. Amma in ruwan ya zo da kauri fari-fari ko yana wari wannan ba nema ba ne, ciwon mahaifa ne, magani za a fara yi.

Kuma a nan ne matsalar shanunmu take. Saniya tana dawowa nema duk kwana 21, wasu 18 wasu har 24. A shanun Turawa tsayuwar tana kai awa 12 zuwa 18, amma Bunaji da Bokolo tasu gajeriya ce, wata ko awa 10 ba ta kaiwa, kuma da yawa da dare ko da asuba suke yi, balle a watan Maris da Afrilu da zafin Gombe yake hana kowa motsi. Wanda yake leƙa garke da rana tsaka sau ɗaya sai ya ce saniyarsa ba ta nema, alhali ta yi ta gama. Shi ya sa likitan ya sa mana doka, bayan sallar asuba da dab da magariba a tsaya kamar minti 30 ana kallonsu kawai, ba lokacin ba su dusa ba ba lokacin tatsa ba, don in abinci na gabansu ba mai kula wata.

Ga yadda ta kasance da farar saniyata mai haihuwa biyu. Da magariba an ga tana shinshinar sauran tana ɗora haɓa a bayansu, amma da wata ta yi ƙoƙarin hawanta sai ta zille. Da asuba yaron ya kira ni ya ce, Baffa, yau kam ta tsaya, sau biyu ana hawanta ko motsi ba ta yi. Nan take na kira likita, ya ce to da la'asar yana nan. Ƙa'idar kenan, wadda ta tsaya da safe a yi mata da yamma, wadda ta tsaya da yamma a yi mata washegari da sassafe, wajen awa 12 a tsakani. Dalilin kuwa ƙwan saniya ba ya fitowa lokacin da take tsayuwar, sai bayan ta daina da kamar awa 10 zuwa 14. Shi maniyyin yana buƙatar wasu awowi a cikin mahaifa kafin ya iya aiki kuma ƙarfinsa bai wuce kamar kwana ɗaya ba, shi kuwa ƙwan in ya fito 'yan awowi kaɗan yake da su. Kenan so ake maniyyi ya riga ƙwan isa ya jira shi. In an yi da wuri sosai ya gaji kafin ƙwan ya zo, in an makara ƙwan ya lalace. Kuma ya ƙara da cewa tunda ba mu san ƙarfe nawa na dare ta fara tsayuwa ba, gara ya zo da la'asar sakaliya da a ja har bayan isha, ga Bunaji makara ta fi saurin jawo asara.

Da ya zo na tsaya na kalli aikin. Ya zaro ɗan siririn bututun maniyyin ya tsoma a ruwan ɗumi da ya auna zafinsa da ma'auni, digiri 35 zuwa 37, na kamar daƙiƙa 30, ya goge shi tas don ruwa yana kashe maniyyi, ya sa a bindigar, wato siririn ƙarfen da ake tura maniyyin cikin mahaifa da shi, ya share gaban saniyar sannan ya yi, duka bai ɗauki minti 10 ba. Ya rubuta min ranar a takarda ya ce daga kwana 18 zuwa 24 a sa mata ido. Bayan kwana biyu muka ga ɗan jini a wutsiyarta, hankalin yaron ya tashi wai allurar ta zube. Ba haka ba ne, wannan jinin yana nuna dai neman ya wuce, ba ya nuna ta ɗauka ko ba ta ɗauka ba. In ma shi ka fara gani ba ka ga tsayuwa ba, kar ka kira kowa, ka ƙirga kwana 18 ka fara gadi. Ita dai ba ta dawo nema ba, bayan wata biyu ya sa hannu ya tabbatar da ciki.

Inda ban ji daɗinsa ba shi ne cika alkawari. Mutum ɗaya ne yana zagaye daga Kumo har Dadin Kowa a kan mashin, karsanata da ta tsaya da yamma ya ce da sassafe zai zo, bai iso ba sai da aka yi azahar washegari, ya yi mata duk da haka ya karɓi kuɗinsa, bayan sati uku ta dawo nema. Ni a ganina da ya ce min Alhaji lokaci ya wuce mu jira zagaye na gaba da ya fi mutunci, tunda ya fi ni sanin lissafin. Na biyun dai kuɗin maniyyi da na mai kawai ya karɓa.

Masu saniya ɗaya ɗaure a turke a cikin gida su ne abin zai fi wahalarwa, don ba wadda za ta hau ta balle a ga tsayuwa, sai dai yauƙin da kuka da rubuta kwanan wata. Akwai allurar da ake yi don jawo nema cikin kwana 2 zuwa 5, amma sai an duba an tabbatar ba ciki, don tana zubar da shi. Wadda ta haihu kuma a bar ta ta kai wata biyu, in ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta a fara da harawa da dusa tukuna.