Kan shawar da ya dace da ruwan tankin saman rufi

Kan shawa uku na saya a shekara guda kafin na gane cewa ba a zaɓensa da ido, da bokiti ake zaɓensa. Gidana ƙasa ne, ba bene ba, ruwanmu na burtsatse ne da ake turawa tanki mai cin lita 1,000, daga can ya sauko da nauyin kansa. Duk mai irin wannan gida ya san yadda ake tsayawa ƙarƙashin shawa ana jiran ruwa ya wanke sabulu, a ƙarshe a koma wa bokiti da moɗa.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne, ƙarfin ruwan tanki daga tsayi yake zuwa, ba daga girman tankin ba. Tanki mai lita 500 da mai lita 5,000, in dai saman ruwansu yana tsayi ɗaya, ƙarfi ɗaya za su ba ka. A kwalin kan shawa ana rubuta ƙarfin da yake buƙata da ma'aunin da ake kira bar, kuma bar ɗaya daidai yake da ruwan da ya sauko daga tsayin kusan mita 10. Tsayin da ake lissafawa kuwa daga saman ruwan da ke cikin tanki ne zuwa kan shawa, ba zuwa ƙasa ba. A gidana gindin tanki yana mita 4 daga daɓen banɗaki, kan shawa yana mita 2. In tanki ya cika ina da mita 3 da ɗan wani abu, in ya kusa ƙarewa ina da mita 2. Ke nan ƙarfin ruwana tsakanin bar 0.2 ne da 0.3. Yawancin kawunan da ake shigo da su an ƙera su ne domin gidajen da ruwan gwamnati ke shiga da ƙarfin 2 ko 3, wato ninki goma na abin da nake da shi. Nan matsalar take, ba wai kayan ne duka ba su da kyau ba.

Kafin ka taka kasuwa, kwance kan shawar da kake da shi, ka bar bututun a buɗe, ka tara bokiti mai lita 10, ka buɗe famfo gaba ɗaya ka duba agogo. Nawa ya cika a daƙiƙa 50, wato lita 12 a minti. Wannan ne iyakar abin da bututuna zai iya bayarwa, babu kan shawar da zai ƙara ko cokali a kai. In naka ya ɗauki fiye da minti biyu kafin ya cika, kada ka sayi komai tukuna, domin laifin yana cikin bututu ko bawul, zan dawo kan wannan.

Wanda na tsaya a kansa, kuma shi nake nuna wa duk wanda ya tambaye ni, shi ne ɗan ƙaramin kai na bango, mai faɗin inci huɗu ko ƙasa da haka, mai salon feshi ɗaya tak, mai ƙofofi kamar arba'in zuwa hamsin da ke da ɗan hancin roba mai laushi. Ba ya ɗaukar ido a shago, sau da yawa ma yana can ƙasan kanta. Amma dubi yadda yake aiki. Ruwa yana shiga ta wuya mai faɗi, ya cika ɗan ƙaramin cikinsa nan take, ya fita ta dukkan ƙofofin lokaci guda. Ba shi da lunguna a ciki da za su cinye ɗan ƙarfin da ake da shi. Ƙofofin ba su yi yawa har ruwan ya rasa ta inda zai bi da ƙarfi ba, ba su kuma yi ƙanƙanta har yashi ya toshe su ba. Da na ɗaura shi na sake gwajin bokiti, ya cika a daƙiƙa 80, wato lita bakwai da rabi a minti, ruwan kuma yana fita a miƙe, yana wanke sabulu daga kai ba tare da an sa hannu ana tarewa ba. Ko da tanki ya yi ƙasa da yamma, feshin yana raguwa ne kawai, ba ya komawa ɗiga.

Hancin robar nan shi ne abin da ya fi saye ni. Ruwan burtsatse yana barin farin gishiri a bakin ƙofa, wani lokacin har da ɗan yashi mai laushi. A kan mai ƙofofin ƙarfe sai ka nemi allura kana tsokanarsu ɗaya bayan ɗaya. A wannan kuwa, ka murza da babban yatsa ruwa na zuba, gishirin ya farfashe ya fita. Bayan wata biyu ko uku nakan kwance shi in jiƙa a ruwan lemun tsami ya kwana, da safe ya koma sabo. In ka samu wanda fuskarsa ke kwancewa a wanke ciki, kada ka bari ya wuce ka.

Abu ɗaya ne za ka duba a wuyansa kafin ka ɗaura. Leƙa ta wajen da ake murɗa shi a bututu. Sau da yawa za ka ga wani ɗan faifan roba mai launi, da ƙaramar ƙofa a tsakiya. An sa shi ne da gangan don rage ruwa. A Amurka, alal misali, dokar 1992 ta ƙayyade cewa kada kan shawa ya fitar da fiye da galan biyu da rabi a minti, kusan lita tara da rabi, shi ya sa masu ƙerawa ke sa wannan faifai. Ga mai ruwa da ƙarfi tanadi ne, ga mai tankin rufi shaƙewa ce. Zaro shi da ƙaramar sukundireba a hankali. Amma ka bar baƙar robar da ke hana yoyo, ka kuma bar 'yar ragar da ke tace yashi, sai dai ka riƙa wanke ta.

Babban faifan nan mai inci goma ko sha biyu, wanda ake cewa yana zubo ruwa kamar ruwan sama, shi na fara saya, kuma ga mai tankin rufi ruwan taruwa yake gefe ɗaya na faifan yana zirara. Mai salo biyar da ake juyawa, lungunan cikinsa sun fi ƙarfin ruwanka. Mai gauraya ruwa da iska sai ruwa na da ƙarfi yake jan iskar. Shawar hannu tana da amfani ga wankan yara da tsofaffi, amma tiyonta siriri ne a ciki kuma yana cin ruwa, don haka in dole ce, nemi gajeren tiyo mai faɗin ciki.

Sai wanda ya fi ƙona mini rai, kuma shi ne ake tallarsa ko'ina yanzu: shawar hannu mai gangar jiki garai-garai, cike da ƙananan duwatsu masu launi, wadda ake cewa tana ninka ƙarfin ruwa tana kuma tace shi. Na saye ta bayan na ga bidiyon da ruwa ke fita kamar zai huda bango. Abin da ba a faɗa shi ne, an ɗauki bidiyon ne inda ruwa ke da ƙarfi tun asali. Kan shawa ba inji ba ne, ba shi da hanyar ƙara ƙarfi. Dabarar ita ce an huda farantinta da ƙofofi ƙanana kamar bakin allura, sai ruwa ya fito siriri yana ɗan tsikarin fata, mutum ya ɗauka ƙarfi ne. Da na tara bokiti, sai da ya wuce minti uku kafin ya cika, wato ban kai lita uku da rabi a minti ba. Cikin mako uku rabin ƙofofin sun toshe, duwatsun suka yi kore, daga baya gangar ta tsage a wajen murɗawa. Da na koma wa mai sayarwar ya ce ruwana ne ba shi da kyau. To ai saboda ruwan nawa na saya. Duk wanda ya ce maka kayansa na ninka ƙarfin ruwa ba tare da wuta ba, ka tambaye shi daga ina ƙarin zai fito.

Jabu kuma ya cika kasuwa, har a cikin irin wanda nake yabo. Ƙyalli ba shaida ba ne, domin roba ma ana shafa mata ƙyallin. Roba mai kauri ba laifi ba ce in an gaya maka roba ce, ta ma fi mugun ƙarfe daɗewa a ruwan burtsatse. Cutar ita ce a sayar maka da ita a kuɗin ƙarfe. Ƙwanƙwasa ta da farce, ka ji sautin, ka taɓa ta a kumatu, ƙarfe yana da sanyi. Wasu ma sukan sa nauyi a ciki don a ɗauka ƙarfe ne. In an ce tagulla ce, leƙa haƙoran murɗawa na ciki inda ba a shafa ƙyalli sosai ba, tagulla rawaya ce, in ka ga toka-toka to gamin tutiya ne, wanda ke rubewa ya karye ya bar guntunsa cikin bututu. Fitar da wannan guntu daga bututun da ke cikin tayil aiki ne da kan kai ga fasa bango. In an rubuta 304 a jiki, wato lambar wani ƙarfe da ba ya saurin tsatsa, ka tafi da maganaɗisu: in ya manne da ƙarfi, ba shi ba ne. Rashin mannewa dai ba cikakkiyar shaida ba ce, don akwai ƙarfe mai arha da shi ma ba ya kamawa amma yana tsatsa. Hura iska ta wuyan kan da bakinka tun a shago. In sai ka yi yunƙuri iskar ke wucewa, ruwan tankinka ma haka zai sha wuya. Kuma ka yi magana da mai shago tun kafin ka biya: «Alhaji, in na gwada bai yi ba zan dawo da shi a canza mini.» Wanda ya ƙi wannan sharaɗi, ka gode masa ka yi gaba.

Na ce zan dawo kan bututu. In gwajin bokiti ya nuna ruwa kaɗan tun babu kai, ka hau wajen tanki da mai gyaran famfo. Bututun da ya sauko daga tanki ya kamata ya zama inci ɗaya, ko aƙalla kashi uku cikin huɗu na inci, sai dab da banɗaki a rage shi zuwa rabin inci. Kowace gwiwar bututu tana cin nata rabon, haka ƙananan bawul na kwana da famfon da ke haɗa ruwan zafi da sanyi. Bawul mai hannu da ake juyawa kwata ɗaya ya fi barin ruwa ya wuce. In ruwa na fita yana tari, iska ce ta maƙale a wani tudu na bututun. Ɗaga tanki da mita ɗaya yana ƙara 0.1, kuma ga mai 0.2 wannan ƙarin rabi ne cur, sai dai a tuna cewa lita 1,000 tan ɗaya ce, ƙarfen da zai ɗauke ta dole ya zama na gaske. Ƙaramin injin tura ruwa da ke tashi da kansa in an buɗe famfo yana aiki, amma da zarar an ɗauke wuta sai ka koma inda ka fito, har ma ya ɗan tare hanya. Ni ban sa ba. Na canza gwiwa biyu da bawul ɗaya a saman rufi, na bar ɗan ƙaramin kan shawata a bango, yau shekara biyu ke nan.